Sake ƙirar taken talla daga Faransanci zuwa Hausa

Sake ƙira ita ce hanyar da mafassari ke bi idan taken talla na Faransanci ya dogara da wasa da kalmomi wanda ba zai rayu a Hausa ba. Sai ya ajiye kalmomin asali, ya riƙe aikin da taken ke yi, wato liƙa sunan haja a kunnen mai sauraro. An fi bukatar hakan a Nijar, inda ake rubuta talla da Faransanci, a yi shelarta da Hausa a rediyo.

Asali

Faransanci na da kalmomi da yawa masu furuci ɗaya amma rubutu daban, kuma masu talla sun daɗe suna cin moriyar haka. A 1932 mai zane Cassandre ya fitar da allon "Dubo, Dubon, Dubonnet", inda sunan abin shan ke ƙaruwa gaɓa-gaɓa, kunnen mai jin Faransanci kuwa na jin "mai kyau", sannan "mai daɗi", kafin sunan ya cika. Kamfanin Maille mai yin mustad, wani abin ƙara wa abinci ɗanɗano, wanda tarihinsa ke komawa Paris ta ƙarni na 18, shi ma yana da nasa: "Il n'y a que Maille qui m'aille". Ana danganta taken da wajajen shekarun 1930.

Misalin Maille

Ma'anar taken ita ce "Maille kaɗai ta dace da ni". Armashinsa yana ga furuci, domin Maille da m'aille (ta dace da ni) duk "mai" ake faɗarsu. Fassarar kai tsaye ba ta da kuskure, sai dai ta fito salam, sunan bai amsa kansa ba.

Akwai kuma tarko. A rediyo Bahaushe zai ji "mai", hankalinsa ya tafi ga man girki ko na mota. Amma Hausa na da wani "mai", na siffantawa, kuma karin sauti ne ya raba su: na man girki faɗuwa yake yi, na siffa ƙasa yake. Daga nan mafassari zai iya gina sabon wasa, alal misali "Mai ƙamshi, mai daɗi, Maille". Sunan ya sake amsa kansa, har sau uku. An rasa da'awar "ita kaɗai", wadda za a iya maidowa da "sai Maille" a ƙarshe. Dole kuma a ambaci mustad kusa da taken, in ba haka ba ruɗanin mai yana nan.

Gwaji

Ana karanta taken da ƙarfi ga wanda bai san Faransanci ba, a tambaye shi me ake sayarwa. Idan ya ce man girki ko na mota, aikin bai yi ba.

Saɓani

Wasu na ɗaukar aikin a matsayin fassara, wasu na ganin sabon rubutu ne.