Man giya da haidurolik na tarakta (UTTO)

Man UTTO mai ne guda ɗaya da ake zuba wa cikin bayan tarakta, inda giyabos, aksul ɗin baya, famfon haidurolik, birki mai jiƙe cikin mai da kulocin PTO, wato sandar da ke juya kayan aikin da aka jona a baya, suke shan mai daga rumbu ɗaya. A tallan wannan mai ana kiransa na gama-gari, kuma daga nan ne ruɗani yake farawa ga ƙaramin manomi. Gama-garin da ake nufi shi ne man yana yi wa sassa da yawa na tarakta ɗaya aiki a lokaci guda. Ba a nufin ya dace da kowace tarakta, ba a kuma nufin ana zuba shi a kowane rami da ke jikinta. Ba ya shiga inji. Man da aka haɗa don ya yi wa inji da giya aiki tare sunansa STOU, kuma haɗinsa dabam ne.

Aikin da ake nema daga gare shi

Haƙoran giya suna son mai mai kauri da sinadaran da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Famfon haidurolik kuwa yana son mai da zai iya zuƙa da sanyin safiya, wanda kuma ba zai tsinke ya koma kamar ruwa ba idan aiki ya yi zafi. Saboda haka yawancin man UTTO kaurinsa yana wajen SAE 10W-30, wato kusan 9 zuwa 10 cSt, ma'aunin kaurin mai, a zafin digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, da kusan 55 zuwa 60 cSt a digiri 40.

Abin da ya fi wuya shi ne birki. A taraktoci da yawa faifan birki suna nutse cikin man nan, kuma dole man ya bar su su kama a hankali. Idan haɗin man bai daidaita ba, faifan yakan kama ya saki, ya kama ya saki, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Direba zai ji gurnani ko ƙara daga baya, tarakta tana karkarwa, musamman idan ya taka birkin gefe ɗaya zai juya a bakin gona. Maganin wannan wasu sinadarai ne masu daidaita santsi, amma idan suka yi yawa sai kulocin PTO ya riƙa zamewa yana ƙonewa. Kowane kamfanin tarakta yana da irin faifan da yake amfani da su, don haka kowanne ya tsara nasa gwajin. Wannan ne dalilin da ya sa man haidurolik zalla, irin ISO 46 ko ISO 68, ba ya maye gurbin UTTO ko da kaurinsu ya zo kusa: zai ɗaga garma, amma ba a yi shi don birki ko haƙoran aksul ba.

Abin da rubutun jikin bokiti yake alkawartawa

Man inji yana da tsarin lasisi na API, cibiyar masana'antar man fetur ta Amurka. Man UTTO ba shi da irin wannan tsari guda da ya haɗe kowa. Abin da ake da shi ƙa'idojin kamfanonin tarakta ne, kowace da lambarta: John Deere na da JDM J20C, da J20D wanda ya fi tsinkewa don ƙasashen sanyi, Massey Ferguson na da CMS M1135, M1141, M1143 da M1145, Ford na da M2C134-D, CNH mai ƙera taraktocin Case IH da New Holland na da MAT 3525, Kubota na da UDT. Lambar da ke cikin littafin taraktar mutum ita ce kaɗai ta shafe shi. Sauran lambobi ashirin da aka jera a bokiti ba su ƙara masa komai ba idan tasa ba ta ciki.

Bayan lambar, sai a duba maganar da aka rubuta kafin ta, domin matakai uku ne masu nisa da juna. Mafi ƙarfi shi ne a ce kamfanin taraktar ya amince da man. Wannan na nufin kamfanin ya ga sakamakon gwaji ya ba da takarda, kuma ana iya neman ganin takardar. Na biyu shi ne a ce man ya cika sharuɗɗan ƙa'ida kaza. Nan mai yin man ne yake ba da shaidar kansa, yawanci bisa gwajin da kamfanin da ya sayar masa da sinadarai ya yi. Daga kamfani mai mutunci wannan magana tana da nauyi, kuma yawancin mai mai kyau da ba na kamfanin tarakta ba a nan yake. Na uku shi ne a ce man ya dace, ko ana ba da shawarar amfani da shi, inda ake neman ƙa'ida kaza. Wannan ra'ayi ne kawai, bai ce an yi wani gwaji ba.

Ana yawan ganin API GL-4 a jikin bokiti, kuma mutane suna ɗaukarsa a matsayin cikakkiyar shaida. Iyakar abin da yake faɗi shi ne gwargwadon kariyar da man zai ba haƙoran giya. Bai ce komai game da birki, kuloci, famfo ko jure ruwa ba.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne man da ake sayarwa da lambar 303. Tsohuwar ƙa'idar John Deere ce wadda J14B ta maye gurbinta a 1974, sannan J20A ta zo a 1978, J20C kuma a 1989. Duk da haka an ci gaba da buga 303 a jikin bokitan mai masu araha shekara da shekaru, alhali babu mai iya gwada su da ƙa'idar da ta daina aiki. A 2017 hukumomin jihar Missouri ta Amurka suka hana sayar da irin waɗannan mayuka bayan gwaji ya nuna ba su kai mizanin da ake amfani da shi yanzu ba. Lambar da ta mutu ba ta ɗaure mai yin man da wani alkawari.

Yadda ake zaɓa, da misali

A ce manomi yana da tarakta mai ƙarfin doki 75, birkinta a cikin mai yake, littafinta ya ce a zuba mai na CMS M1143 a baya, lita 45, a aksul ɗin gaba kuma man giya na API GL-5. Ya tarar da bokiti uku masu lita 20. Na farko an rubuta masa 10W-30 da GL-4, da cewa ya dace da dukan taraktoci, babu lambar kamfani ko ɗaya. Na biyu ya jera lambobi da yawa, har da M1135 da 303, duka a ƙarƙashin "ana ba da shawara". Na uku ya ce ya cika sharuɗɗan M1143 da J20C, yana ɗauke da lambar rukunin da aka haɗa shi, kuma takardar bayanansa ta nuna 9.5 cSt a digiri 100.

Na farko ya faɗi kauri da kariyar giya, ya yi shiru a kan birki, don haka ya fita. Na biyu ya kawo lambar Massey Ferguson, amma ba wadda littafin ya nema ba, kuma da maganar da ta fi kowace rauni. Na uku ne zaɓi, kuma bokiti uku na irinsa zai saya: lita 45 ta shiga, 15 ta rage don ƙari, abin da zai hana shi cika rumbun da wani mai dabam nan gaba. Ko ɗigo ba zai sa a aksul ɗin gaba ba, tunda GL-4 bai kai GL-5 da littafin ya nema a can ba. Akwai taraktocin da aksul ɗinsu na gaba UTTO yake sha, shi ya sa littafi ne alƙali. Haka kuma ba a juya abin a zuba GL-5 a baya, domin sinadaransa ba su dace da faifan birki ba, kuma wasu irinsa suna cin sassan tagulla idan zafi ya yi yawa.

Ranar canji, a bar tarakta ta yi aiki har man ya yi ɗumi, a ajiye ta a wuri mai daidai, a sauke hannayen ɗaga garma ƙasa don silinda ta mayar da man da ke cikinta. A kwance dukan murafen tsiyaya, don sau da yawa sun fi ɗaya. Idan murfin yana da maganaɗisu a duba shi: laushin garin ƙarfe kaɗan ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsarin da yatsa ke ji alama ce ta haƙori ko boris da ke lalacewa, kuma sabon mai ba zai gyara wannan ba. A wanke rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, a canza filta, a zuba mai ta mazurari mai tsabta. Sannan a tayar, a ɗaga hannaye a sauke, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a kashe, a sake auna mai.

Ba duka tsohon man ne yake fita ba. Idan lita 40 ta tsiyaye daga 45, lita 5 ta maƙale a bututu da silinda, wato kashi ɗaya cikin tara. In da man da bai dace ba ne a ciki, gurnanin birki kan ɗauki wasu awoyin aiki kafin ya lafa, wani lokaci sai an sake canji na biyu. Kayan aikin aro masu silinda su ma suna shigo da man wata taraktar duk lokacin da aka jona su.

Inda alkawarin ya tsaya

Ko man da ya cika ƙa'ida bai ɗauki nauyin giyar CVT ba, wato wadda ke sauya gudu ba tare da matakai ba, sai an ambaci ƙa'idarta da suna. Wasu tsofaffin taraktoci masu busasshen birki kuma an ƙera su ne don man giya mai kauri, kuma idan famfonsu da robobinsu sun tsufa, UTTO yakan sa yoyo ya ƙaru, ɗagawa ta yi sanyi. Rubutun bokiti bai kuma tsawaita wa'adin canji ba. Wannan na littafi ne, kuma ya bambanta sosai, daga kusan awa 400 a wasu ƙananan taraktoci zuwa sama da 1,000 a manya.

Mai mara kyau yakan tona kansa da zafi. Sinadaran da ke riƙe masa kauri suna tsinkewa a tsakanin haƙoran giya, sai a ga tarakta tana ɗaga garma lafiya da safe, da rana kuma tana ja da ƙyar, sitiyari ya yi nauyi. Tsohon famfo ma yana yin haka, don haka sai an auna matsin mai kafin a ɗora wa ɗaya laifi. Kukan famfo da kumfa a sandar awo suna nuna iska na shiga ko rariya ta toshe. Mai da ya yi fari kamar madara ruwa ne ya shige shi, ta robar sandar giya da ta tsage ko ta hucin da ke taruwa a cikin rumbu. An haɗa UTTO ya jure ruwa kaɗan ne kawai, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan ana shakka, a ɗiga man a kan faranti mai zafi sosai: in ya yi tartsatsi akwai ruwa, sai a canza shi tare da filta, a kuma toshe inda ruwan ya bi ya shiga.