Tambayoyi da amsoshi: yadda ake miƙar da lissafi mai lanƙwasa don gane ko matsaya za ta ɗore

Malam, mece ce matsaya, kuma me ya sa ake miƙar da lissafi a kusa da ita?

Matsaya ita ce yanayin da in ka ajiye abu a kai, ba ka taɓa shi ba, zai zauna nan har abada, domin saurin canjinsa sifili ne. Sai dai matsaya iri-iri ce. Ƙwallo a cikin ƙwarya, in ka ture shi zai gangaro ya dawo tsakiya. In kuwa ka kife ƙwaryar ka ɗora shi a bayanta, iska kaɗan ta isa ta tafi da shi. Ta farko mai ɗorewa ce, ta biyu ba ta ɗorewa.

Yawancin lissafin da ke bayyana motsin abubuwa yana ɗauke da `sin θ` ko `x³` da makamantansu, kuma ba kasafai ake iya warware shi kai tsaye ba. Amma in ka matso daf da matsaya, lanƙwasar takan yi kama da miƙaƙƙen layi. Sai a ɗauki gangarar layin a daidai wurin, a zubar da sauran ƙananan ragowa, a duba halin abin da ya saura. Aleksandr Lyapunov ne ya kafa hujjar wannan hanya a rubutunsa na 1892.

Ko za a yi mana misali ɗaya daga farko har ƙarshe?

Mu ɗauki lilo: sanda marar nauyi mai tsawon santimita 98, an maƙale kanta a ƙusa, an ɗaura ƙarfe a ɗaya bakin. Da wannan tsawon, `g/L`, wato ƙarfin jan ƙasa `g` a raba da tsawon sandar `L`, ya zama 10. Bari `θ` ya zama kusurwar da sandar ta kauce daga tsaye ƙasa, a ma'aunin radiyan, `ω` kuma saurin juyawarta. Mu ce akwai gogayyar da ke rage gudu gwargwadon saurin, ƙarfinta 2:

```
θ' = ω
ω' = −10 sin θ − 2ω
```

Da farko a nemo matsaya, wato inda duka biyun suka zama sifili. Dole `ω = 0` kuma `sin θ = 0`, don haka akwai guda biyu: `θ = 0`, ƙarfen na reto a ƙasa, da `θ = π`, sandar na tsaye ƙyam ƙarfen na sama.

Sai a jera gangarar kowane layi game da `θ` da `ω` a jadawalin Jacobi. Gangarar `sin θ` ita ce `cos θ`:

```
J = |     0         1 |
    | −10 cos θ    −2 |
```

Daga jadawalin ake fitar da lambobin `λ`, waɗanda ɗalibai suka sani da aiganbalu. Kowace `λ` tana nufin ƙaramar kaucewa za ta riƙa tafiya kamar `e^(λt)`. A ƙasa `cos 0 = 1`, a sama `cos π = −1`, alama ɗaya ce tak ta bambanta su:

```
θ = 0:   λ² + 2λ + 10 = 0   →   λ = −1 ± 3i
θ = π:   λ² + 2λ − 10 = 0   →   λ ≈ 2.32,  −4.32
```

Yanzu karatun sakamakon, wanda a ganina nan ne daɗin abin yake. A ƙasa, `3i` ɗin nan yana cewa lilon zai riƙa kai da komo, zuwa da dawowa ɗaya cikin kamar daƙiƙa 2.1. Shi kuma `−1` yana cewa faɗin reton zai riƙa raguwa, bayan daƙiƙa 3 abin da ya saura bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Matsaya mai ɗorewa ke nan. A sama kuwa, duk da akwai `−4.32` mai jan abu zuwa matsaya, `2.32` ta ɓata komai: da zarar sandar ta soma karkata, karkatar na ninkawa duk bayan kamar daƙiƙa 0.3. Gogayya ta ɗan rage saurin faɗuwar, amma ba ta hana ta ba.

Ƙa'idar dai ita ce: a dubi ɓangaren zahiri na kowace `λ`, wato wanda ba ya ɗauke da `i`. In duk suna ƙasa da sifili, matsaya ta ɗore. In ko ɗaya ya haura sifili, ba ta ɗore ba.

To in ɓangaren zahirin ya faɗa daidai kan sifili fa?

A nan hanyar ba ta da ta cewa, kuma kada a tilasta mata. Dubi waɗannan biyu:

```
x' = −x³
x' = +x³
```

Dukansu matsayarsu `x = 0`, gangararsu a wurin sifili ce, don haka `λ = 0` a duka biyun. Amma na farko yana mayar da duk kaucewa gida a hankali, na biyu kuma yana ƙara ta. Ragowar da muka zubar ita ce ke yanke hukunci, tunda ba wani abu da ya fi ta ƙarfi.

Shi ya sa hujjar da Grobman ya kawo a 1959 da Hartman a 1960, cewa siffar motsi kusa da matsaya iri ɗaya ce da ta miƙaƙƙen lissafinta, ta zo da sharaɗin kada wata `λ` ta kasance da ɓangaren zahiri sifili. Cire gogayya daga lilonmu, za ka samu `λ ≈ ±3.16i` a ƙasa. Lilon ba ya kuɓucewa, gaskiya ne, amma ba jadawalin Jacobi ne ya tabbatar da haka ba. Sai an koma ga makamashi: ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma ya fi ƙanƙanta a ƙasa, don haka ƙaramin turi ƙaramin reto kawai zai haifar.

"Kusa" ɗin nan da ake ta faɗa, iyakarsa ina?

Lambobin `λ` ba sa faɗa maka, kuma wannan ne ya fi damuna da yadda ake karɓar sakamakon ido rufe. A lilo ana iya auna kuskuren: a digiri 10, `θ` ya kai 0.1745, `sin θ` kuma 0.1736, bambancin kamar rabin kashi ɗaya cikin 100. A digiri 30 ya kusa kashi 5. A digiri 90 ana kwatanta 1.57 da 1, miƙewar ta tashi daga aiki.

Wani lokaci abin ya fi haka muni. Ɗauki `x' = −x + x³`. A `x = 0` an samu `λ = −1`, matsaya mai ɗorewa ba tantama. Fara daga 0.9, za ka dawo sifili. Fara daga 1.1, sai `x³` ya rinjayi `−x`, abu ya yi ta hawa ba dawowa. Iyakar tana kan `x = 1` da `x = −1`, kuma ba za ka gan ta ba sai ka koma kan cikakken lissafin.

Ina aka fi yin kuskure wajen aikin?

Wanda na fi gani shi ne miƙarwa a wurin da ba matsaya ba. Kafin ka taɓa jadawalin, mayar da lambobinka cikin asalin lissafin ka ga sun ba da sifili. Sai aiki da digiri maimakon radiyan, wanda ke rushe `sin θ ≈ θ` gaba ɗaya. Akwai kuma masu ɗauko wannan ƙa'ida su kai ta tsarin da ke tafiya mataki-mataki, irin `x(n+1) = f(x(n))`, alhali a can sharaɗin ɗorewa shi ne girman kowace `λ` ya gaza 1. Sannan in gogayyar busasshiya ce, irin ta ƙusa mai tsatsa da ke cije sanda, ƙarfinta yakan juya alama farat ɗaya a `ω = 0`, babu gangarar da za a ɗauka a wurin, don haka jadawalin Jacobi ma ba ya samuwa.