Jinkirin magana ba kullum nauyin baki ba ne

A Zariya, in yaro ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, sai kaka ta ce: "Nauyin baki ne, haka ubansa ya yi." Sau da yawa kunne ne matsalar, don yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba. Juyowarsa in an buga ƙofa ba hujja ba ce. Mai raunin ji yana jin ƙara, maganar ce ke kuɓuce masa. Ke uwa, ki tsaya bayan yaron inda ba ya ganinki, ki kira sunansa a hankali. In ya wuce wata 9 ba ya waiwayowa, musamman bayan sanƙarau, ƙyanda ko kunne mai ruwa, a kai shi sashen kunne na asibitin koyarwa da ke Shika a auna jinsa.