Ana iya gane mai rubutu ta hanyar kwatanta salonsa da tsohon aikinsa?

Wani ɗalibina ya kawo mini maƙala, zuciyata ta ce ba shi ya rubuta ba. Ina da tsofaffin rubuce-rubucensa guda biyar. In na kwatanta, zan iya kama shi?

Za ka iya samun hujja, Malam, amma kwatanta sabon rubutun da tsofaffin nasa kaɗai ba zai ba ka ita ba. Duk rubutu biyu da ka ajiye gefe da gefe za ka ga bambanci, ko da mutum ɗaya ya yi su a mako ɗaya. Abin da masu ilimin auna salo, wato sitailometiri, suke nema shi ne girman bambancin. Suna fara auna yadda mutumin yake bambanta da kansa daga wannan rubutu zuwa wancan, sannan su auna yadda yake bambanta da wasu mutane masu rubutu irin nasa. Sai a duba rubutun da ake zargi: ya faɗa cikin tazarar da ke tsakaninsa da kansa, ko ya yi nisa kamar na baƙo? Ke nan bayan rubuce-rubucensa biyar, kana bukatar na wasu ɗalibai kamar goma a kan irin wannan aikin. In babu su, lissafin ba shi da ma'auni.

Me ake ƙirgawa? Manyan kalmomin da ban taɓa jin ya yi amfani da su ba?

Su ne suka fi ɗaukar ido, kuma su ne suka fi yaudara. Manyan kalmomi maudu'i ne yake kawo su. Wanda aka ce ya rubuta a kan cutar cizon sauro dole ya ambaci hanta da jini, ko da bai taɓa rubuta su ba a baya. Abin da ake ƙirgawa shi ne ƙananan kalmomin da suke ɗinke jimla, waɗanda hannu yake zubawa ba tare da mai shi ya lura ba. A Hausa irin su ne sai, kuma, amma, dai, ma, wato, saboda, wanda. Akwai kuma wuraren da harshe ya ba da zaɓi: wani "don" yake rubutawa, wani "domin", wani "in", wani "idan". Da wuya ka samu marubucin da ya san sau nawa yake cewa "dai" a shafi guda, shi ya sa mai kwaikwayo ma ba ya tunawa ya gyara wannan.

Aikin da ya kafa wannan hanya a Amurka aka yi shi. A 1787 da 1788 an wallafa maƙalu 85 na kare kundin tsarin mulkin ƙasar da sunan aro, Publius. Daga baya aka yi ta jayayya a kan 12 daga ciki: na Alexander Hamilton ne ko na James Madison? A 1964 masana ƙididdiga biyu, Frederick Mosteller da David Wallace, suka fitar da sakamakon ƙirga ƙananan kalmomi a rubuce-rubucen da aka tabbatar na kowannensu ne. Hamilton yana amfani da kalmar `upon` kusan sau 3 a kowace kalma 1,000, Madison kuwa da ƙyar yake taɓa ta. Hamilton yana rubuta `while`, Madison yana rubuta `whilst`. Da suka haɗa irin waɗannan alamu da yawa, maƙalun 12 suka karkata ga Madison. Amma ka lura da sauƙin da suka samu: 'yan takara biyu ne, kuma an san ɗayansu ne ya rubuta. Taka tambayar ta fi wuya, don in ba ɗalibinka ba ne, kowa ma zai iya zama.

To yaya ake yin lissafin a aikace?

Da farko a tsabtace rubutun. A cire duk maganar da aka ɗauko daga wani wuri, da kanun labari, da jerin madogara, domin ba hannunsa ba ne. Sannan a ƙirga kowace ƙaramar kalma a mayar da ita "sau kaza a cikin 1,000", saboda rubuce-rubucen ba tsawonsu ɗaya ba.

Bari mu ƙaddara misali. A ce a tsofaffin rubuce-rubucen ɗalibin "sai" ta fito sau 14, 17, 13, 16 da 15 a kowace kalma 1,000. Matsakaicinsa 15 ke nan, kuma ba ya yin nisa da nan. A sabuwar maƙalar ta fito sau 6. "Kuma" a wurinsa 22 ce, a maƙalar 24. Da ido za ka ce "sai" ta faɗi da 9, "kuma" ta hau da 2, amma ba za a tara 9 da 2 haka kawai ba, domin kowace kalma tana da yadda mutane suka saba bambanta a kanta. Nan sauran ɗalibai goman suke shigowa. A ce matsakaicinsu a "sai" 11 ne, kuma yawanci suna kaucewa daga nan da kamar 4. A "kuma" matsakaicinsu 25, kaucewarsu 5. Sai a auna kowane adadi da wannan tsari:

```
z = (x − μ) / σ
```

Wato ka debe matsakaicin jama'a daga adadin da ka samu, ka raba da gwargwadon kaucewarsu. A "sai", ɗalibin ya ba da 1, maƙalar ta ba da −1.25, tazara 2.25. A "kuma", ɗalibin −0.6, maƙalar −0.2, tazara 0.4 kacal. Haka za a yi wa kalmomi 100 ko fiye da suka fi yawan fitowa, sannan a ɗauki matsakaicin duk tazarorin. Wannan adadi guda shi ake kira Delta, John Burrows ne ya gabatar da shi a 2002. Ba sai ka yi da hannu ba, akwai kunshin `stylo` a manhajar R da ke yin sa.

Adadin shi kaɗai ba ya cewa komai sai an jera shi da 'yan uwansa. Ka ware ɗaya daga tsofaffin rubuce-rubucen biyar ka auna shi da sauran huɗu, ka maimaita ga kowanne. A ce ka samu tsakanin 0.6 da 0.8: nisan ɗalibin da kansa ke nan. Ka auna rubutun sauran ɗalibai da nasa, a ce ka samu 0.9 zuwa 1.3. In maƙalar da ake zargi ta ba da 0.7, ta zauna cikin gida. In ta ba da 1.1, ta yi kama da ta baƙo. In kuwa tazarorin biyu sun shiga juna, nisansa da kansa ya kai 1.0 alhali wasu ɗalibai suna 0.8 daga gare shi, to gwajin bai iya rarrabewa ba, sai a ajiye shi.

In ta ba da 1.1 ɗin, magana ta ƙare ke nan?

Ba ta ƙare ba, kuma misalinmu ma yana ɗauke da tarkon. Tambayi kanka: tsofaffin rubuce-rubucen nan wane iri ne? In labarai ne, dole "sai" ta yi yawa, don da ita ake jan labari: sai ya tashi, sai ya tarar, sai ta ce. Maƙalar da ke kafa hujja ba ta bukatarta haka, ita "saboda" da "amma" take ci. Mutum ɗaya zai sauko daga 15 zuwa 6 don kawai ya bar ba da labari ya koma muhawara. Sau da yawa nau'in rubutu yana rinjayar hannun marubuci a wannan lissafi, har labarin Audu ya fi kusa da labarin Binta a kan maƙalar Audu. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi jefa marar laifi cikin zargi. Maƙala da maƙala ake kwatantawa, wasiƙa da wasiƙa.

Lokaci ma yana canza hannu, musamman na mai koyo. Rubutun shekara uku da suka wuce ba lallai ya wakilci ɗalibin yau ba. Haka in wani ya gyara masa rubutun, ko ya rubuta tsofaffin cikin gaggawar jarrabawa, wannan kuma a natse. Alamomin da ke bin na'ura, kamar sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ ko barinsu, kada ka ba su nauyi. Sauya waya kaɗai yana canza su.

Maƙalar shafi ɗaya ce, kalma kamar 300. Ta isa?

Ba ta isa ba. Kalmar da ke fitowa sau 15 a cikin 1,000, a kalma 300 sau 4 ko 5 ake sa ran ganinta. In ta fito sau 2 ko sau 7, sa'a ce kawai, amma da ka mayar da su ma'aunin 1,000 sai su zama kamar 7 da 23, ka ɗauka mutum biyu ne. Delta tana son kalmomi dubbai a kowane ɓangare. Ga gajeren rubutu akan koma ƙirga jerin haruffa uku-uku ko huɗu-huɗu, don sun fi yawa, kuma suna kama ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya da alamomin rubutu. Suna taimakawa, sai dai maudu'i ya fi saurin kutsawa cikinsu.

An taɓa yin kuskure da wannan hanya a bainar jama'a?

An yi. A tsakiyar shekarun 1990 Donald Foster ya kafa hujja da ƙididdigar salo cewa wata waƙar makoki ta 1612, mai sa hannun W. S., ta William Shakespeare ce, har wasu masu wallafa suka sa ta cikin ayyukansa. A 2002 wasu masana suka nuna ta fi dacewa da John Ford, Foster kuma ya amince ya yi kuskure. Waƙar ta yi kama da Shakespeare, amma ta fi kama da wani da ba a gwada shi yadda ya kamata ba. A 2013 kuwa, da Patrick Juola ya auna littafin da aka wallafa da sunan Robert Galbraith, ya jera shi da na J. K. Rowling da na wasu marubuta mata uku. Abin da ya iya faɗa shi ne Rowling ta fi sauran dacewa. Amincewarta daga baya ce ta rufe maganar.

To ni yanzu me zan yi da maƙalar?

In doguwa ce kuma kana da tsofaffin maƙalu irinta, yi gwajin, ka rubuta adadi uku tare: nisansa da kansa, nisansa da sauran, da inda maƙalar ta faɗa. Ko ta faɗa waje, lissafin ba zai gaya maka wa ya rubuta ba, kuma ba zai bambanta maka wanda aka rubuta wa da wanda aka yi wa gyara mai yawa ba. Kira shi ka ce ya kawo daftarin farko da abin da ya karanta. Zaɓi sakin layi ɗaya ka tambaye shi dalilin da ya sa hujja ta biyu ta zo bayan ta farko, da abin da yake nufi da kalma kaza. In har yanzu kana shakka, ba shi maudu'i makamancin wannan ya rubuta maƙala a gabanka, mai tsawo gwargwado, ka sa ta cikin lissafin a matsayin samfuri na shida.