Dokar cron da kwafin ajiya na mako-mako: yadda za a tabbatar ya tashi a ranar da aka nufa

Cron, manhajar da ke tayar da ayyuka a kan jadawali a Linux, ba ya tambayar abin da mutum yake nufi. Kowane minti ɗaya yana duba agogon na'urar da yake kai, ya gwada shi da gurabe biyar da aka rubuta a farkon kowane layi na fayil ɗinsa, wato crontab, in sun dace ya tayar da aikin. Guraben daga hagu zuwa dama su ne minti (0 zuwa 59), awa (0 zuwa 23), kwanan wata (1 zuwa 31), wata (1 zuwa 12), sai ranar mako. A gurbin ƙarshe 0 Lahadi ce, 1 Litinin, har zuwa 6 Asabar, kuma cron ɗin da ke kan yawancin na'urorin Linux yana karɓar 7 a matsayin Lahadi. Alamar `*` na nufin "kowanne".

A ce wani ofishi a Kano yana so a ɗauki kwafin ajiyar bayanansa duk Lahadi da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare, wato minti talatin da shigowar Lahadin, lokacin da ba kowa a kan aiki. Abin da hannu zai fara rubutawa shi ne:

```
30 0 * * 0 /usr/local/bin/backup.sh
```

Layin daidai yake, amma da sharaɗin cewa agogon sabar na Najeriya ne. Yawancin sabobin da ake haya ta intanet suna zuwa da agogon UTC, alhali Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara. A irin wannan saba, layin da ke sama zai tashi ne da ƙarfe ɗaya da rabi agogon Kano. Don haka kafin a taɓa komai sai a buga `timedatectl` a duba layin `Time zone`. Idan ya nuna UTC, sai a juya lokacin, kuma gara a bar na'ura ta yi lissafin da a yi shi da ka:

```
date -u -d 'TZ="Africa/Lagos" 2025-06-01 00:30'
```

Ranar 1 ga Yuni 2025 Lahadi ce, amma amsar da za ta fito ita ce Asabar, 31 ga Mayu, 23:30. Rage awa ɗayan ya mai da aikin baya zuwa ranar da ta gabata, a nan ne mutane da yawa suke zamewa: su gyara awa su mai da ita 23, su bar ranar a 0. Sakamakon shi ne kwafin ya tashi daren Lahadi wayewar Litinin, ya makara da yini guda cur. Layin da ya dace da agogon UTC shi ne:

```
30 23 * * 6 /usr/local/bin/backup.sh
```

Wani zai ce ai sai a saka `CRON_TZ=Africa/Lagos` a saman fayil ɗin a huta. Wannan yana aiki a cronie, wanda ke zuwa da Fedora da Red Hat da danginsu, amma cron ɗin da Debian da Ubuntu suka saba zuwa da shi ba ya tsara lokaci da shi. Wanda kuma ya zaɓi ya sauya agogon sabar gaba ɗaya, to ya sake kunna cron bayan sauyin, domin yakan ci gaba da bin tsohon agogon. Saba mai agogon Landan ta fi duka yaudara: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta ɗaya da na Kano, sai komai ya yi kamar lafiya lau, da sun mai da agogonsu baya kuma aikin ya gusa da awa guda.

Bayan batun agogo, akwai dokar da ta shafi gurbi na uku da na biyar. Sauran gurabe dole ne duk su dace a lokaci ɗaya, amma idan aka cika kwanan wata aka kuma cika ranar mako, wato babu wanda aka bari da `*`, cron zai tashi idan ɗayansu kawai ya dace. Mai son Lahadin farko ta wata da ya rubuta `30 0 1-7 * 0` zai samu kwafi kullum daga 1 zuwa 7 ga wata, sannan da kowace Lahadi. A Yunin 2025 sau goma sha ɗaya ke nan: kwana bakwan farko, da 8, 15, 22 da 29. Ga aikin mako-mako, gurbi na uku ya zauna `*`. Shi ma `*/7` a wannan gurbin ba "duk bayan kwana bakwai" ba ne. Yana nufin 1, 8, 15, 22 da 29, sannan ya koma farko a sabon wata, sai ranar ta riƙa yawo cikin mako. Haka nan barin `*` a gurbin minti, kamar `* 23 * * 6`, zai tayar da aikin sau sittin cikin awar, kwafi na hawa kan kwafi.

Karanta layi da ido bai isa shaida ba, jiran mako guda a gani kuma ɓata lokaci ne. Hanya mai sauƙi ita ce a dasa layin gwaji na ranar yau. In yau Laraba ce kuma `date` ya nuna 14:10 a kan sabar, sai a buɗe `crontab -e` a ƙara:

```
13 14 * * 3 date >> /tmp/gwaji.txt
```

Bayan minti uku a duba fayil ɗin. Idan lokaci ya fito a ciki, an tabbatar cron na raye, yana karanta wannan crontab ɗin, agogonsa ya dace da wanda `date` ke nunawa, lambar ranar ma daidai ce. Sai a maimaita da ainihin umarnin kwafin, domin abin da ke tafiya a hannu ba lallai ya tafi a ƙarƙashin cron ba. `PATH` ɗinsa gajere ne, galibi `/usr/bin:/bin`, saboda haka a rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni. Alamar `%` kuma cron yana ɗaukarta a matsayin ƙarshen layi, sai umarnin ya gutsure a tsakiya. Mai saka kwanan wata a sunan fayil ya rubuta `date +\%F`. Idan a `/etc/crontab` ko `/etc/cron.d/` ake rubutun, akwai gurbi na shida, sunan mai amfani kamar `root`, kafin umarnin.

Da safiyar Lahadi abu biyu za a duba, kada a tsaya ga ɗaya. Na farko rajistar cron: `journalctl -u cron` a Debian da Ubuntu, ko `/var/log/cron` a dangin Red Hat, inda za a nemi layi mai `CMD` da lokacin 23:30 na Asabar. Wannan layin yana shaida cewa an tayar da umarnin ne kawai, bai ce ya kammala ba. Na biyu shi ne kwafin kansa: `ls -l` zai nuna lokacinsa da girmansa, a gwada da na makon jiya. Fayil mai girman sifiri, ko wanda ya yi ƙasa sosai da na baya, alama ce aikin ya mutu a hanya. Domin a san abin da ya kashe shi, a ƙara `>> /var/log/backup.log 2>&1` a ƙarshen layin, in ba haka ba cron zai tura kuskuren ta imel, a sabar da ba ta da hanyar aika imel kuwa saƙon ya ɓace.

Idan babu layin `CMD` ɗin kwata-kwata, a tambaya ko na'urar tana kunne a wannan mintin. Cron ba ya ramuwa: in wuta ta ɗauke da 23:29 ta dawo 23:35, kwafin makon ya wuce sai wata Asabar. Ga kwamfutar ofis da ke bin wutar NEPA da janareto, anacron ya fi dacewa, ko agogon systemd mai `Persistent=true`, domin su suna gudanar da aikin da aka rasa bayan na'urar ta sake tashi, ko da yake ba a lokacin da aka tsara ba.