Me ya sa sai an kashe wa jarumi wani nasa kafin ya zama jarumi?

Kawu, jiya a shagon tura finafinai na nan Mabera aka zuba mini finafinan jarumai huɗu. Uku daga ciki sai da aka kashe uban jarumin ko mai riƙonsa. Labari ne ya ƙare musu, ko da gangan suke yi?

Da gangan ne, ɗana, kuma akwai dalili. Ka ɗauka yau ka wayi gari kana iya ɗaga mota da hannu ɗaya, harsashi ba ya huda ka. Faɗa mini gaskiya, me za ka fara yi? Yawancinmu neman kuɗi za mu fita, ko mu je mu rama abin da wani ya taɓa yi mana. Ba wanda zai ce daga yau ya daina barci, zai riƙa yawo cikin dare yana kare mutanen da bai sani ba, kyauta. Marubucin labarin ya san mai karatu zai yi wannan tunanin, don haka dole ya kawo abin da zai ɗaure jarumin ga wannan wahala. Abu mafi sauƙi, kuma mafi saurin shiga zuciya, shi ne mutuwar wanda ya rene shi.

Ka tuna kuma waɗannan labarai ba a fim suka fara ba. A mujallun zane na Amurka aka haife su, masu arha, da ake sayar wa yara, kuma wuri ya yi kaɗan ƙwarai. Superman ya fito a 1938, asalinsa duka a shafi ɗaya aka ba da shi: duniyarsu ta tarwatse, an turo shi yana jariri. Batman ya fito a 1939, sai bayan 'yan watanni aka ba da asalinsa a shafi biyu kacal. Mai shafi biyu ba shi da lokacin nuna yadda hali ke ginuwa shekara da shekaru. Harbi ɗaya a bakin titi ya wadatar.

To duk tsari ɗaya ke nan: rashi, sannan ƙarfi, sannan ɗaukar nauyi?

Kayan haɗin ɗaya ne, amma jerin yana sauyawa, kuma a wurin sauyin ne daɗin yake. Bari mu bi na Spider-Man daki-daki, don a ganina shi ne wanda aka fi ƙerawa da kyau.

Stan Lee da Steve Ditko ne suka fitar da shi a 1962, a fitowa ta 15 ta mujallar Amazing Fantasy, cikin shafi 11. Peter Parker ɗan makarantar sakandare ne, maraya, mai ƙwaƙwalwa amma ba ƙarfi, abokan karatunsa na yi masa dariya. Yana hannun Ben da matarsa May. A fassara za ka ji ana cewa "Kawu Ben", amma Ben ɗan'uwan mahaifinsa ne, wato baffansa ne. Kawu irina ne, ɗan'uwan uwa.

A wani baje kolin kimiyya, gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ya cije shi. Ya samu ƙarfi, ya iya hawa bango. Lura da kyau: a nan ba a kashe kowa ba tukuna. Ƙarfin ne ya fara zuwa. Kuma me ya yi da shi? Abin da na ce ni da kai za mu yi. Ya ga sanarwar dala 100 ga duk wanda ya jure minti uku da wani ƙaton ɗan kokawa, ya rufe fuska ya shiga, ya ci. Daga nan aka ɗauke shi wasa a talabijin, ya ɗinka kayansa, ya fara suna. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba za mu yi mamaki ba, don a wannan gaɓar halinsa halin Gizo ne sak: wayo, da cikinsa kawai.

Sai ranar da ɓarawo ya zo da gudu ya wuce ta gabansa a gidan talabijin, ana bin sa ana kiran a tare. Sa ƙafa kawai Peter zai yi ɓarawon ya faɗi. Bai yi ba. Da aka tambaye shi dalili, ya nuna cewa wannan ba aikinsa ba ne, shi kansa kawai yake dubawa yanzu. Bayan 'yan kwanaki ya dawo gida ya tarar da motar 'yan sanda a ƙofa: wani ya shiga sata ya harbe Ben. Ya bi mai kisan har wani tsohon sito, ya kama shi, ya dubi fuskarsa, sai ga ɓarawon nan da ya bari ya wuce.

Ka ga jerin: ƙarfi, son kai, rashi, sannan nauyi. Rashin bai faɗo masa daga sama haka kawai ba, da hannunsa a ciki. Shi ya sa nauyin da ya ɗauka ba ramuwa ba ce. Ai ya riga ya kama mai kisan a daren, ya bar wa 'yan sanda shi, kuma hakan bai sauke masa komai ba. Abin da ke cin sa shi ne sakacinsa, kuma sakaci ba a kama shi a miƙa wa hukuma. Duk lokacin da ya ji ihu ya so ya kau da kai, wannan ɓarawon ne ke sake wucewa ta gabansa.

Yanzu ajiye Batman kusa da shi. Bruce Wayne yaro ne ƙarami, suna dawowa daga sinima da iyayensa, ɗan fashi ya tare su ya harbe uba da uwa a gabansa. Ba shi da laifi ko ƙwayar zarra. Nan rashi ne ya fara zuwa, sai rantsuwa cewa zai ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da masu laifi, sannan ya shafe shekaru yana horar da jikinsa da neman ilimin kimiyya, da dukiyar da ya gada. Shi ƙarfinsa nema ya yi, saboda rantsuwar. Na Peter tsautsayi ne ya kawo, nauyin ya biyo baya. Wannan bambancin ne ya sa Batman kullum fuska a murtuke, mutum ne mai bin duniya bashi, shi kuwa Peter yana barkwanci yana ba da haƙuri, don shi ake bi.

Amma a fim ɗin da na gani, baffan ne ya yi masa nasihar nan ta cewa babban ƙarfi na tafe da babban nauyi.

A mujallar 1962 ba Ben ne ya faɗa ba. Mai ba da labari ne ya rubuta ta a zanen ƙarshe, Peter na tafiya shi kaɗai cikin duhu. Daga baya aka mayar da ita bakin Ben, kuma fim ɗin Sam Raimi na 2002 ne ya sa duniya ta san ta haka.

Fim ɗin ya sauya wani abu da ya fi wannan muhimmanci, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A can, mai shirya kokawar ya yi alkawarin dala 3,000, ya ba Peter 100 kawai, da hujjar cewa bai cika minti ukun ba, ya gama da abokin karawarsa da wuri. Nan take ɓarawo ya yi wa mai shirya kokawar fashi, Peter ya matsa masa ya wuce. Wato an ba shi uzuri: an cuce shi, ya rama. Mai kallo ma yakan ji daɗi a lokacin, ya ce Allah ya ƙara. Wasu na ganin wannan ya rage wa labarin kaifi. Ni ina ganin wayo ne, don an jawo mai kallo cikin laifin. Kai ma ka yi murna da ɓarawon ya tsere, bayan minti kaɗan ka ga Ben kwance a titi.

Mugayen fa? Na ga bos ɗin Black Panther shi ma an kashe masa uba.

Ka gano wani abu babba. Killmonger a fim ɗin 2018 yana da rashi, ya nemi ƙarfi ya samu, har yana da hujjar da ba a iya watsarwa da sauƙi. Magneto na X-Men ma haka, danginsa sun hallaka a hannun 'yan Nazi. Matakai biyu na farko iri ɗaya ne da na jarumi. A na uku ake rabuwa: jarumi ya ce kada abin da ya same ni ya sami wani, bos ya ce sai kowa ya ɗanɗana. Wanda ya saba da finafinan Indiya ya san labarin yaron da aka kashe wa uba ya girma ya ɗau fansa, amma can da zarar bos ya mutu an tashi fim. Mujallar da ke fitowa duk wata shekara da shekaru ba za ta iya tashi ba, don haka tana buƙatar dalilin da ba ya ƙarewa da mutuwar mutum ɗaya.

Akwai wanda bai bi wannan hanya ba?

Akwai. Wonder Woman ta 1941 ba a kashe mata kowa ba. Gasa ta shiga ta ci, ta bar tsibirinsu da uwarta da ranta, don ta zaɓi hakan. Tsarin al'ada ce mai ƙarfi, ba doka ba.

Ta yaya zan gane an yi shi da kyau ko an yi na jeka-na-yi-ka?

Gwaji biyu nake yi. Na farko, cire mutuwar daga labarin a zuciyarka, ka ga ko jarumin zai yi abin da ya yi. In zai yi, to mutuwar ado ce, an sa ta ne don a matse maka hawaye. Cire mutuwar Ben, Peter na nan yana wasa a talabijin yana karɓar kuɗinsa. Na biyu, duba ko ka san mamacin kafin ya mutu. In an nuno shi minti biyu yana murmushi yana nasiha, sai ƙarar bindiga, to ba mutum aka rubuta ba, tsani aka kafa don jarumi ya taka. Wannan ya fi faɗa wa mata a irin labaran nan, uwa ko budurwa da ba ta da wani aiki sai ta mutu don ran namiji ya ɓaci, kuma masu karatu a Amurka sun daɗe suna ƙorafi a kai.

Akwai kuma gajiya. An nuna mutuwar Ben a 2002, aka sake nunawa a 2012 da sabon ɗan wasa. Da aka zo fim ɗin 2017 da Tom Holland, sai masu shi suka tsallake cizon gizo-gizon da mutuwar gaba ɗaya, suka fara da yaro mai ƙarfinsa a hannu, don sun san ba wanda bai haddace ba. Mutane suka ce madalla, an huta. Sai a fim ɗin 2021 aka kashe May, bayan ita ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya taimaki mugayen da suka faɗo duniyarsa daga wasu duniyoyi maimakon ya kora su ga ajalinsu, kuma a bakinta aka sa nasihar nan ta ƙarfi da nauyi kafin ta cika. In wannan na cikin huɗun da aka tura maka, ka yafe mini, na ɓata maka kallo.