Kafin a sa hannu cikin injin niƙa: yadda ake rubuta nazarin haɗurran aiki

A wata masana'antar abincin kaji da ke Kakuri na taɓa ganin takarda manne a bango kusa da injin niƙa, an lulluɓe ta da leda saboda ƙura. Layi uku ne a kanta: a yi hattara, a sa kayan kariya, a bi umarnin foman. Na tambayi dattijon da ke tuƙa injin ko takardar ta taɓa yi masa amfani. Ya ce, "Ɗana, ai wannan ta baƙi ce. Ranar da masu duba ma'aikata za su zo ake goge ta."

Abin da ya kamata a manna a wurin shi ne nazarin haɗurran aiki. Takarda ce mai gida uku. A gida na farko ana jera matakan aikin bi da bi, a na biyu a rubuta abin da zai iya cutar da mutum a kowane mataki, a na uku kuma a faɗi abin da za a yi don kada hakan ta faru. Duk wanda ya yi kwangila a matatar mai ta Kaduna ko a wani babban kamfanin gine-gine ya san irinta, domin galibi ba a ba da izinin fara aiki mai haɗari sai an gan ta.

Dokar Masana'antu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1987 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ba ta ambaci wannan takarda da suna ba. Nauyi ta ɗora wa mai masana'anta: ya killace sassan inji masu haɗari, kada ya sa wanda bai ƙware ba a kan inji sai an koya masa kuma ana sa masa ido, ya ba da kayan kariya inda aikin ke buƙata. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke duba ko ana bi. Doka ta faɗi abin da take so, amma ba za ta zo ta nuna maka wane noti ne a injinka zai cinye yatsan yaro ba. Wannan aikin nazari ne. Shi ya sa ƙa'idar duniya kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ISO 45001, wadda ta fito a 2018, ta wajabta wa duk kamfanin da ke binta ya riƙa zaƙulo haɗurra yana auna girmansu, kuma da ma'aikatan a zaune.

Mu ɗauki aiki guda wanda ni da foman da dattijon muka rubuta wa nazari a masana'antar ta Kakuri: canza rariyar injin niƙa mai guduma. Ana yin sa kusan kullum, duk lokacin da rariya ta fashe ko aka tashi daga niƙan masara mai laushi zuwa ɓarza. Aikin minti goma ne ko sha biyar, kuma saboda an saba da shi ba wanda yake ɗaukar sa a bakin komai.

Ba a ofis ake rubuta matakai ba. Mutum zai tsaya ne gefen mai aikin ya kalle shi yana yi, sau biyu ko uku, yana rubuta abin da hannunsa ya yi, ba abin da littafin inji ya ce a yi ba. Kuma a gaya masa tun farko cewa aikin ake dubawa, ba laifinsa ake nema ba, in ba haka ba ranar zai yi maka aikin 'yan makaranta. A wannan injin matakai bakwai suka fito: a daina zuba hatsi a bar cikin injin ya zazzage, a kashe shi, a buɗe murfi, a zare tsohuwar rariya, a share ciki a duba gudumomi, a sa sabuwar rariya a rufe, sannan a tayar a gwada. In matakai sun haura goma, alama ce ayyuka biyu aka haɗa, gara a raba. In kuma aka dunƙule su zuwa uku, haɗarin zai ɓuya a tsakani.

Mataki na biyu da na uku ne masu cin rai. An danna jan maɓalli, ƙarar inji ta sauka, sai mutum ya ɗauka ya tsaya. Alhali ƙarfen da ke ɗauke da gudumomin yana juyawa kusan sau 3,000 a minti a irin waɗannan injina, kuma yana da nauyi, saboda haka yakan ci gaba da juyawa bayan an yanke masa wuta. A ƙarshen juyin nan kusan babu sauti. Wanda ya ɗaga murfi a lokacin ya miƙa hannu, guduma ɗaya ta isa.

A gida na biyu ba a rubuta "inji" kawai a matsayin haɗari. Ana rubuta yadda abin zai faru ne: gudumomi na ci gaba da juyawa bayan an kashe, hannu ya shiga, yatsu su guntule. Rubutu irin wannan shi ke haifar da magani, domin wanda ya karanta ya san abin da zai tare.

Akwai haɗari na biyu a wannan matakin wanda dattijon ne ya tuna mana da shi, ni da foman duk bai zo mana a rai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku rubuta ɗauke wuta." Yawancin canjin rariya, in ji shi, ana yin sa ne lokacin da aka ɗauke wuta, tunda dama inji ya tsaya, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ba wanda ya kashe komai. Idan makunnin injin irin na hannu ne wanda ke zama a kunne, to da zarar an dawo da wuta, ko mai janareta da ke can bayan gini ya tayar ya juya layi, inji zai tashi da hannun mutum a ciki. Mai janareta bai ga kowa ba, kuma ba wanda ya gaya masa.

Gida na uku yana da tsari, daga magani mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Tambayar farko: za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya, ko a musanya hanyar aikin da wadda ba ta da shi? Akwai injinan da ake zare rariyarsu ta gefe ba tare da hannu ya kusanci guduma ba, amma sayen sabon inji ba maganar yau ba ce ga ƙaramin kamfani. Sai a sauko kan gyaran inji: a sa masa makunnin da ke sakin kansa idan wuta ta ɗauke, wanda ba zai tashi ba sai mutum ya sake dannawa, a kuma sa wa murfin na'urar da ke hana inji tashi muddin yana buɗe. Mai gyaran wuta na masana'anta ya san duka biyun. Bayan wannan sai ƙa'idar aiki. Kayan kariya su ne na ƙarshe, kuma a nan dalilin a fili yake: safar hannu ba ta tare guduma, kusa da abin da ke juyawa ma takan zama sanadin jan hannun ciki.

Ƙa'idar da muka rubuta a wannan layin ita ce: mai aikin ya sauke babban makunnin da ke ba injin wuta, wanda layin kamfanin wuta da na janareta duk ta cikinsa suke bi, ya ɗana masa kwaɗo, ya sa makullin a aljihunsa, ya rataya kati mai sunansa. Ya dawo ya danna maɓallin tayarwa don ya tabbatar inji ba zai amsa ba. Sannan ya tsaya yana kallon bel da ƙafar da yake juyawa a kai har su tsaya cak, kafin sifana ta taɓa notin murfi. In mutum biyu ne ke aikin, kwaɗo biyu. Kwatanta wannan da "a yi hattara". Na farko foman zai iya wucewa ya gani da idonsa ko an yi, na biyun kuwa ba yadda za a duba shi.

Sauran matakan ba su da nauyi haka. Fasasshiyar rariya tana da kaifi, a nan safar hannu ta fata ta yi amfani, tunda inji na kulle. Wajen shara ƙurar hatsi ke tashi, sai takunkumi da buroshi, kada a hura da iska, kuma babu sigari ko walda a kusa, domin ƙurar gari idan ta yi kauri a iska tana kamawa da wuta. Kafin a rufe murfi a ƙirga sifanu da notuna, ƙarfen da aka manta a ciki zai fito kamar harsashi. Wajen gwaji kowa ya kauce daga saitin murfi, a mayar da kejin bel, a sa abin toshe kunne, domin ƙarar da ta kai desibel 85 a tsawon awa takwas tana cin ji a hankali.

Ana iya gane nazarin bogi ba tare da an karanta shi duka ba. Gida na uku cike da kalma ɗaya daga sama har ƙasa, ko kuma takardar ta ambaci injin da babu shi a wurin saboda daga wani kamfani aka kwafo ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi yaron da ya fi kowa sabunta a wurin ina kwaɗonsa yake.

Nazarin yana da iyaka. Aiki ɗaya yake kallo, a yanayi ɗaya. Ba ya ganin gajiyar wanda ya kwana yana niƙa, kuma ba ya hana oga cewa a yi sauri mota na jira. Yana kuma tsufa: an canza inji, an ƙaro janareta, an koma aikin dare, ko an yi tsallake rijiya da baya ko da ba wanda ya ji ciwo, duk dalilai ne na a sauko da takardar a sake zama a kanta da masu aikin.

Idan kuma abin ya faru, lissafin kwanaki ya fara. Dokar Masana'antu ta ce haɗarin da ya yi kisa, ko ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana uku, dole a sanar da jami'in duba masana'antu a rubuce. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, ke gudanarwa da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da masu kamfani ke zubawa, ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai kamfani, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto ga asusun. Kashi ɗayan nan daga aljihun kamfani yake fita, doka ta hana a cire shi daga albashin ma'aikaci.

A masana'antar ta Kakuri, shafi biyu nazarin ya ci. Dattijon bai iya karatun boko ba, sai foman ya karanta masa layi-layi da Hausa, ya gyara mana wuri biyu, sannan ya ce shi kwaɗon gida zai kawo nasa, domin na sito makullinsa uku ne kuma bai san hannun wa sauran biyun suke ba.